Takardar da likitan iyali yake ba mai damuwa da rashin barci zuwa likitan ƙwaƙwalwa: tambayoyi da amsoshi

A ɗakin ganin likita, takardun da muke rubutawa suna da yawa, amma wadda ta fi tayar wa iyali hankali ita ce wadda aka rubuta sashen ƙwaƙwalwa a bayan ambulan ɗinta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda marasa lafiya da 'yan uwansu suka fi yi a kanta, tare da wasu daga ƙananan likitoci da jami'an lafiya da ke koyon rubuta ta. Maganar ta tsaya ne a kan hali guda: babban mutum da ransa ya daɗe a ɓace, barci kuma ya ƙaurace masa.

Likita, takardar nan tana nufin na haukace ke nan?

A'a. Yawancin waɗanda ke zaune a layin ganin likitan ƙwaƙwalwa mutane ne da ke zuwa kasuwarsu da ofishinsu, suna limanci, suna koyarwa, suna rainon 'ya'yansu. Ciwon damuwa da fargaba da rashin barci suna cikin abubuwan da likitan ƙwaƙwalwa ya fi gani. Takardar tana cewa ne kawai likitanka ya kai inda yake son wanda ya fi shi ƙwarewa a wannan fanni ya sa ido, kamar yadda zai tura mai ciwon ƙoda wajen likitan ƙoda. Ba ta nufin za a kwantar da kai. Mafi yawan masu ciwon damuwa daga gida suke zuwa, a duba su, su koma gida a ranar.

To me ya hana likitan iyali ya ƙarasa maganin da kansa?

Sau da yawa yana ƙarasawa. Tun shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP domin likitocin da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba su riƙa gane ciwon damuwa suna magance shi a asibitocin kusa da jama'a, saboda ƙwararrun ba su da yawa. Likitan iyali yana iya tabbatar da ciwon idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya kai aƙalla mako biyu kusan kullum, tare da wasu alamomi kamar canjin barci da cin abinci, kasala, rashin natsuwa da ganin kai ba a bakin komai ba. Yana iya fara magani, yana iya bibiya.

Turawa tana zuwa ne idan an ci karo da ɗaya daga cikin 'yan abubuwa. Ko dai an ba da magani a ƙa'idarsa na mako huɗu zuwa shida babu wani sauƙi, ko akwai tunanin kashe kai, ko mutum ya fara jin muryoyi ko yarda da abin da ba haka yake ba, ko ana zargin ciwon ba damuwa ce zalla ba, ko kuma shaye-shaye ya shigo ciki. Mai juna biyu da mai jego ma akan yi saurin neman shawara a kansu, domin zaɓin magani yana buƙatar taka-tsantsan. Takarda mai kyau tana faɗin wanne daga cikin waɗannan ne ya sa aka rubuta ta. Wadda ba ta faɗa ba ta bar ƙwararren yana lalube.

Me takardar ya kamata ta ƙunsa? Tawa layi biyu ce kawai.

Irin wannan mai layi biyun tana da yawa, kuma ba ta da amfani sosai. Galibi cewa take yi ga wane, yana fama da damuwa da rashin barci, don Allah a duba shi. Wannan bai wuce abin da mara lafiyan zai faɗa da bakinsa a minti na farko ba.

Abin da likitan iyali yake da shi wanda ƙwararren ba shi da shi shi ne lokaci. Ya ga mutumin nan sau da dama, ya san nauyinsa na bara, ya san maganin hawan jininsa, ya ji ta bakin matarsa, ya ga yadda ya kasance kafin magani da bayansa. Ƙwararren kuwa zai gan shi ne karo na farko a ranar da layi ya cika, wataƙila mutumin yana jin nauyin buɗe baki. Saboda haka aikin takardar shi ne ta ɗauki abin da aka tara a watanni ta miƙa shi a shafi ɗaya: yaushe abin ya fara, yaya barcin yake dalla-dalla, wane magani aka gwada, nawa, na tsawon wane lokaci, me awon jini ya nuna, akwai haɗari ko babu, sannan me ake so ƙwararren ya yi. Idan ta wuce shafi ɗaya da rabi ba za a karanta ta da kyau ba. Idan ta gaza rabin shafi, da wuya a ce an faɗi abin da ya kamata.

Me ya sa likita ya dame ni da tambayar ƙarfe nawa nake farkawa? Ai na ce masa ba na barci.

Saboda "ba na barci" magana ce da ke rufe abubuwa daban-daban, kuma kowanne yana nuna hanya dabam.

Akwai wanda zai kwanta ƙarfe 10, ya yi ta juyi yana lissafin bashi da kuɗin makaranta har ƙarfe 1 kafin barci ya ɗauke shi. Wannan ya fi tafiya da fargaba da yawan tunani, ko kuma shayi mai kauri da goro da kofi da aka sha da yamma. Akwai wanda barci ke ɗauke shi ba wahala, amma ƙarfe 2 ko 3 na dare idonsa ya bushe, ya kwanta yana kallon rufi har a kira assalatu, kuma a daidai wannan lokacin ne zuciyarsa ta fi yin baƙi. Farkawa da awa biyu ko fiye kafin lokacin da mutum ya saba alama ce da likitocin ƙwaƙwalwa suke ɗauka da muhimmanci, domin tana yawan zuwa da ciwon damuwa mai nauyi, musamman idan ta haɗu da rama da kuma jin cewa safiya ta fi yamma tsanani.

A wajenmu dole a yi wannan tambaya da lura. Mutumin da ya saba tashi sallar asuba ƙarfe 5, ko mai tashi nafilar dare da niyyarsa, ba a cewa yana da farkawar wuri don kawai ya tashi kafin gari ya waye. Abin da ake auna shi da shi shi ne al'adarsa ta da. Shi ya sa takarda mai kyau take rubuta lokutan biyu, na da da na yanzu.

Sai kuma wanda ke farkawa sau biyar ko shida a dare. A nan likita zai tambayi fitsari, domin ciwon sukari da ciwon mafitsara suna tayar da mutum. Zai tambayi ciwon jiki. Zai tambayi matar ko mijin batun minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi a cikin barci, wanda ke sa mutum ya tashi a gajiye ya wuni yana gyangyaɗi, kuma maganin barci yana iya ƙara masa illa. Na ƙarshe shi ne wanda yake barcin awa uku ya tashi garau, ba gajiya, ƙarfi ma ya ƙaru. Wannan ba rashin barci ba ne irin na mai damuwa, raguwar buƙatar barci ce, kuma za mu dawo kanta.

A nuna mana misalin takarda mai kyau.

Ga misali da aka ƙirƙira domin koyarwa, ba na wani mutum na haƙiƙa ba. A Najeriya da Turanci ake rubuta irin wannan takarda, a Nijar kuma da Faransanci, amma abin da ke ciki ɗaya ne. A samanta akwai sunan asibitin da ya turo, da kwanan wata, da sunan mara lafiya da lambar katinsa da lambar wayar wanda za a iya kira.

"Zuwa ga babban likita mai kula da sashen ƙwaƙwalwa. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, ina neman ka duba wannan bawan Allah cikin mako biyu idan da hali. Ciwon damuwa ne da bai ji maganin farko ba, kuma ina zargin ya taɓa yin lokacin hauhawar yanayi a baya.

"Tela ne ɗan shekara 41, yana da mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Wata biyar ke nan ransa a ɓace kusan kullum, tun bayan gobarar da ta cinye shagonsa ta bar shi da bashin kayan mutane. Ya daina zama majalisa, ɗinkin da yake gamawa a yini yanzu yana kai shi kwana uku. Da yana kwanciya ƙarfe 10:30 ya tashi ƙarfe 5. Yanzu barci yana ɗaukarsa da wuri, amma yana farkawa wajen ƙarfe 2:30 ba ya komawa. Safiya ta fi masa tsanani. Matarsa ta ce ba ya minshari. Nauyinsa ya sauka daga kilo 68 zuwa 63. Da farko da ciwon kai da zafin jiki ya riƙa zuwa kemis, inda aka yi ta ba shi maganin maleriya da taifot.

"Yana cewa da Allah zai ɗauki ransa da ya huta. Na tambaye shi kai tsaye, ya ce bai shirya yi wa kansa komai ba, bai taɓa gwadawa ba, addininsa da 'ya'yansa ne suke riƙe shi. Ba ya jin muryoyi. Matarsa ce take ajiye magunguna yanzu.

"Na fara masa fuloksetin miligiram 20 da safe mako shida da suka wuce. Matarsa ta tabbatar yana sha kullum. Makinsa na PHQ-9 ya sauka daga 19 zuwa 18 ne kawai. Ban ƙara yawan maganin ba, domin a zuwansu na ƙarshe ta gaya mini cewa shekara shida da suka wuce ya yi kamar kwana goma yana barcin awa biyu zuwa uku ba ya gajiya, surutu ya yi yawa, ya sayi kekunan ɗinki uku da kuɗin da ba nasa ba. Ba lokacin ɗinkin Sallah ba ne. Kawunsa na wajen uwa an taɓa kwantar da shi a asibitin ƙwaƙwalwa.

"Wata uku ke nan yana sayen dayazafam a kemis, ya fara da miligiram 5, yanzu 10 kowane dare. Ban tsayar masa da shi kwatsam ba. Yana cin goro biyu zuwa uku a yini. Ya ce ba ya shan giya, taramol ko kodin. Yana shan amlodifin miligiram 5 don hawan jini, yau awonsa 134/86. PCV kashi 41, sukarin safe kafin cin abinci 5.2, TSH da awon ƙoda lafiya lau, gwajin HIV da izininsa ya nuna ba ya ɗauke da ita. Ana yi masa ruƙiyya a gida, ba ya shan jiƙo.

"Abin da nake nema uku ne: ka tantance ko damuwa ce zalla ko ciwo mai fuska biyu, ka ba da shawarar a ci gaba da fuloksetin ko a canza, sannan ka tsara mana yadda za a janye dayazafam. Ya san da wannan takarda kuma ya amince. Zan riƙa ganinsa kowane mako har ya same ka. Na gode."

A ƙasa sai sunan likitan da sa hannunsa da hatimi da lambar wayarsa. Lura da cewa sakin layi na farko shi kaɗai ya isa ma'aikacin da ke raba ranakun ganin likita ya san ba za a ba wannan mutum wata uku ba.

Me ya kawo labarin shekara shida da suka wuce? Ai lokacin lafiyarsa ƙalau, har ƙarfi ya yi masa yawa.

Wannan sakin layin ne ya fi kowane nauyi a takardar. Akwai ciwon da ke da fuska biyu, wani lokaci mutum ya faɗa cikin damuwa, wani lokaci kuma yanayinsa ya hau sama fiye da kima: barci ya ragu ba gajiya, magana ta yi yawa, dabaru su yi ta zuwa, ya kashe kuɗi ba lissafi, ya ji ya fi kowa. Matsalar ita ce babu mai zuwa asibiti don ya ji daɗi da ƙarfi. Sai damuwar ta zo ake ganinsa, kuma a ranar kamanninta ɗaya da damuwa zalla.

Bambancin yana da tasiri a kan magani. Idan aka ba mai ciwo mai fuska biyu maganin damuwa shi kaɗai, sau da yawa ba ya yi masa aiki, wani lokaci ma yana iya tunzura shi ya haye can sama. Maganinsa na daban ne, irin masu daidaita yanayi, wasu daga cikinsu kuma suna buƙatar awon jini lokaci-lokaci, wasu ba a ba macen da ke iya ɗaukar ciki sai da tsananin lura. Wannan hukunci ne na ƙwararre.

Dubi kuma yadda likitan ya ƙara da cewa ba lokacin ɗinkin Sallah ba ne. Duk wanda ya san tela ya san a goman ƙarshe na azumi kwana yake a kan keke. Amma telan da ke kwana don cika alkawari a gajiye yake, idonsa ja, yana samun dama zai kife a kan yadi. Wanda ake magana a kansa ba aiki ne ya hana shi barci ba, kuma bai gaji ba. Da ba a rubuta wannan ba, da ƙwararren zai iya ɗauka aikin Sallah ne ya wuce wurin. Kuma daga bakin matar aka samu labarin, shi maigidan bai ɗauke shi ciwo ba balle ya ambata.

Mene ne wannan PHQ-9 da lambar da ke gabansa?

Takardar tambayoyi tara ce game da mako biyun da suka wuce. Kowace tambaya ana ba ta maki daga 0 zuwa 3 gwargwadon yawan kwanakin da abin ya dami mutum, jimla 27. Daga 5 zuwa 9 damuwa ce mai sauƙi, 10 zuwa 14 matsakaiciya, 15 zuwa 19 ta fara nauyi, 20 zuwa sama mai tsanani. Ba ita ke tabbatar da ciwo ba, hirar likita ce ke yi. Amfaninta a takardar turawa shi ne a ga lamba biyu, ta kafin magani da ta bayansa. Daga 19 zuwa 18 a mako shida yana nufin maganin bai taɓuka komai ba. Da daga 19 ta sauka zuwa 9, da wataƙila ba a rubuta takardar ba ma.

Ciwon a zuciya yake, me ya haɗa shi da awon jini?

Akwai cututtukan jiki da ke zuwa da kasala da baƙin rai da rikicewar barci. Ƙarancin jini yana yi, shi ne ake aunawa da PCV. Raunin aikin ƙullin wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo yana yi, shi ne ake aunawa da TSH. Ciwon sukari, ciwon ƙoda, tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki duk suna iya ɓuya a bayan damuwa. Haka wasu magunguna: metildofa na hawan jini, efabirenz na masu cutar HIV wanda aka san shi da kawo munanan mafarkai da rikita barci, da su firedinisolon da deksametason da wasu mata ke sha don ƙiba. Idan likitan iyali ya auna ya rubuta sakamakon da lambobinsa, ya rage wa iyalin kuɗin sake awo, ya kuma hutar da su ƙarin zuwa asibiti. Rubuta "an yi awo, lafiya lau" ba tare da faɗin wane awo ba bai wadatar ba, ƙwararren zai sake turawa ne.

Dole ne a rubuta cewa ina sayen maganin barci a kemis? Kuma ruƙiyyar da ake yi mini fa?

Dole ne, kuma ba don a kunyata ka ba. Dayazafam da 'yan uwansa kamar leksotan ba a so a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shan su, saboda jiki yana sabawa, ƙwaya ɗaya ta daina isa, kamar yadda telan misalinmu ya tashi daga 5 zuwa 10. Wanda ya yi watanni yana sha idan ya daina dare ɗaya yana iya samun rawar jiki, fargaba mai tsanani, rashin barcin da ya fi na da, wani lokaci har jijjiga irin ta farfaɗiya. A hankali ake janye shi cikin makonni. Idan ƙwararren bai san kana sha ba, zai iya ɗaukar alamomin janyewa a matsayin tsanantar ciwon.

Taramol ma haka. Haɗa shi da fuloksetin ko sataralin yana iya kawo zazzaɓi da ruɗewa da karkarwa ko jijjiga. Saboda haka ko sau ɗaya a mako kake sha don ƙarfin aiki, faɗi.

Ruƙiyya da addu'a da rubutun sha ba sa hana likita aikinsa, kuma likita mai hankali ba zai ce ka bari ba. Ana rubuta su ne don ƙwararren ya san yadda iyalin suke fahimtar ciwon, ko suna ganin sammu ne ko shafar aljanu, domin hakan yana shafar ko za a ci gaba da shan magani. Abin da ya fi damun likita shi ne jiƙo da garin magani da ba a san abin da ke cikinsu ba, da kuma a ce wa mara lafiya ya ajiye maganin asibiti.

Na gaya wa likita wani lokaci ina jin gara in mutu. Me ya sa ya sa a takarda?

Saboda wannan layin ne ke yanke saurin da za a gan ka. Tambayar mutum game da tunanin mutuwa ba ta cusa masa tunanin, kuma da yawa suna samun sauƙi idan aka tambaye su, tunda abu ne da ba sa iya faɗa a gida don tsoron a ce imaninsu ya yi rauni. Abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa.

Likita yana bambanta matakai. Fatan mutuwa ta zo da kanta mataki ne. Tunanin yi wa kai illa mataki ne na gaba. Shirya hanya, ko tanadar abin da za a yi amfani da shi, ko taɓa gwadawa a baya, wannan ya fi duka haɗari. Takardar tana faɗin inda mutum yake, da abin da ke riƙe shi, da matakin da aka ɗauka a gida. Wannan bayani yana shafar zaɓin magani ma. Amitiriftilin yana da araha, yana taimaka wa barci, shi ya sa ake yawan rubuta shi, amma yana da haɗari ƙwarai ga zuciya idan aka sha fiye da ƙa'ida, don haka ba a damƙa wa mai irin wannan tunani na wata guda a hannunsa.

Yaushe ne ba a jiran ranar da aka bayar?

Idan mutum ya shirya yi wa kansa ko wani illa, ko ya gwada. Idan ya daina ci da sha. Idan ya fara jin muryoyi, ko ya dage cewa ya yi zunubin da ba a yafewa, ko cikinsa ya ruɓe. Idan ya yi kwanaki ba barci yana ta surutu da zirga-zirga. Idan mai jego ce ta rikice a makonnin farko bayan haihuwa, ba ta barci, tana maganganun da ba su da kan gado. Duk waɗannan a ranar ake kai mutum sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, da takarda ko babu, kuma kada a bar shi shi kaɗai. A kwashe magunguna da maganin ƙwari da na ɓera daga inda hannunsa zai kai.

Wa zai karanta takardar? Zan iya buɗewa? Wurin aikina za su sani?

Labarinka ne, kana da damar sanin abin da ke ciki. Ni a ganina ya fi kyau likita ya karanta maka ita ko ya fassara maka kafin ya liƙe ambulan, domin a nan ake kama kuskure, a nan kuma za ka iya cewa akwai abin da ka fi so ka faɗa da bakinka. Wasu abubuwan, kamar maganin da kake sha da batun haɗari, likita zai nuna maka cewa cire su cutar da kai ne.

Masu karanta ta su ne ma'aikatan da ke kula da kai, sannan a saka ta a fayil ɗinka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a Najeriya ta wajabta riƙe sirrin mara lafiya, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ita ma ta tanadi haƙƙin sirri da kariya daga wariya. Takardar turawa ba a kai ta wurin aiki. Idan kana buƙatar hutun rashin lafiya, takarda ce daban ake rubutawa. Inda sirri ya fi yoyo a zahiri shi ne a gida, idan aka ba wani ɗan uwa ambulan ya ajiye, ko aka ɗauki hotonta aka tura a waya. Riƙe ta da kanka, ko ka ba wanda ka zaɓa.

Ina zan kai ta, kuma da me zan tafi?

Ya danganta da inda kake. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri. A Kano akwai asibitin Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Zariya kuma akwai na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. A Nijar babban asibitin ƙasa da ke Yamai yana da sashensa. Wanda yake jin nauyin shiga asibitin da aka sani da ƙwaƙwalwa kaɗai yana iya roƙon likita ya rubuta zuwa asibitin koyarwa, inda kowa da irin ciwon da ya kawo shi.

Ka tafi da takardar da kwafinta, da sakamakon awon da aka yi, da duk magungunan da kake sha a cikin kwalayensu, har da na kemis da na gargajiya. Ka tafi da mutum ɗaya da ya san ka kafin ciwon kuma yake kwana gida ɗaya da kai. Ka yi sammako, domin sai an buɗe maka kati tukuna, kuma ganin farko yakan ɗauki lokaci fiye da wanda ka saba. Idan kana iyawa, rubuta lokacin kwanciya da na farkawa na kwana bakwai kafin ranar.

An ba ni rana sai nan da mako biyar. In daina maganin kafin nan? Likitan iyali ya gama da ni ke nan?

Kada ka daina komai da kanka, kada kuma ka ƙara. Har ranar da ƙwararren zai gan ka, kana hannun likitan da ya rubuta takardar, shi ya sa a misalin can ya rubuta cewa zai riƙa ganin mutumin kowane mako. Idan ranar da aka ba ka ta yi nisa da abin da ya nema, koma ka gaya masa, sau da yawa kiran waya daga likita zuwa likita yana matso da ita. Idan abin ya canza kafin ranar, barci ya ƙara raguwa amma ƙarfi ya ƙaru, ko tunanin mutuwa ya matso, a ranar za ka koma.

Bayan ganin ƙwararren, roƙe shi amsa a rubuce zuwa ga likitanka, ko da rabin shafi ce: sunan ciwon da ya tantance, maganin da yawansa, abin da za a lura da shi, da ranar dawowa. Wannan amsa ita ce aka fi mantawa da ita a asibitocinmu, kuma rashinta ne ke sa likitan iyali ya ci gaba da rubuta tsohon magani alhali an canza. Maganin damuwa idan ya karɓi mutum akan ci gaba da shi aƙalla wata shida bayan an samu sauƙi, kuma galibi wajen likitan iyali ake komawa karɓarsa tare da na hawan jini, ƙwararren yana gani jefi-jefi.